Na gyara jikin ƙawata a hoton da zan ɗora a intanet: dole ne sai ta sani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu muka ɗauki hoto ranar da muka kammala karatu, kuma dukkanmu mun yarda in ɗora shi a shafina. Da nake gyara shi sai na ɗan rage wa ƙawata ɗaya damtse da ƙugu, na goge tawadar Allah da ke gefen hancinta, na kuma haska mata fuska domin ita ce ta fi mu duhu. Wallahi don ta yi kyau na yi. Tunda ta riga ta amince a ɗora, sai na sake tambayarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ɗora wannan hoton yadda yake a yanzu. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarki ba, amma izinin da ke hannunki bai kai inda kika kai shi ba. Yardar mutum a ɗauke shi hoto abu ɗaya ne, yardarsa a watsa hoton abu ne na biyu, yardarsa a sauya masa kamanni kuma abu ne na uku mai zaman kansa. Ƙawarki ta ba ki biyun farko ne a kan hoton da ta san an ɗauka, da jikinta yadda ta tsaya da shi a gaban kyamara, kuma wanda yake wayarki yanzu wani hoto ne dabam da ba ta taɓa gani ba.

Mu da muke sana'ar hoto muna raba aiki gida biyu: akwai gyaran hoto, akwai kuma gyaran mutumin da ke cikin hoto. Daidaita haske, gyara launin da fitilar ɗaki ta ɓata, miƙe hoton da ya karkace, cire jan idon da filashi ya haifar, duk waɗannan kurakuran kyamara ne ake gyarawa, kuma ba wanda zai zarge ki don kin yi su ba tare da tambaya ba. Daga nan sai abubuwan da ke jikin mutum amma masu wucewa ne, irin su ƙurjin da ya fito da safiyar ranar, ko maiƙon zufa a goshi, ko zaren da ya maƙale a kafaɗa. Ma'aunin da masu gyaran hoto da yawa suke bi shi ne su tambayi kansu ko abin zai kasance a wurin nan da mako biyu. Idan zai tafi da kansa, mafi yawan mutane ba sa damuwa a goge shi. Idan kuwa zai zauna, kamar tawadar Allah, wushirya, tsohon tabo, furfura, siffar hanci, kaurin jiki da launin fata, to wannan shi ne mutumin, ba a taɓa shi sai mai shi ya nema da bakinsa. Abubuwa biyu daga cikin ukun da kika yi sun faɗa wannan ɓangare kai tsaye.

Na ukun, wato hasken fuska, shi ne yake bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi zamewa. Gaskiya ne cewa idan mutane masu launin fata daban-daban suka tsaya wuri ɗaya, musamman idan akwai fararen kaya ko taga mai haske a bayansu, kyamara takan auna hasken ne bisa abin da ya fi rinjaye, sai fuskar wanda ya fi duhu ta nutse har a kasa ganin idanunsa sosai. Ɗago wannan inuwar, ta hanyar ƙara abin da manhajar gyaran hoto take kira Shadows ko Exposure kaɗan har kamanninta su fito, gyaran kuskuren kyamara ne, kuma adalci ne gare ta. Amma idan kika zaɓi fatarta kaɗai kika yi ta ja har ta kusa zama launi ɗaya da sauran ukun, kin tsallake iyaka. Ga yadda za ki gane inda kike: ki buɗe hoton sosai, ki kwatanta fuskarta da wuyanta, da kunnenta, da bayan hannunta. Idan fuskar ta rabu da su, ko ta yi fari-fari kamar an yayyafa mata toka, ko ƙananan ƙofofin fata sun ɓace ta koma sumul, to kin sauya mata launi ne. Sannan ki tambayi kanki ko mahaifiyarta za ta kalli hoton ta ce wannan launin 'yata ne. Na fi tsananta wannan batu fiye da sauran saboda saƙon da yake ɗauke da shi yana da nauyi: wadda aka haska ba tare da ta nema ba, abin da za ta fahimta shi ne cewa ƙawarta tana ganin launinta a matsayin aibin da ake gyarawa.

Haka abin yake game da damtse da ƙugu. Ke kina ganin kin yi mata kyauta, ita kuwa abin da zai isa gare ta shi ne cewa kin zauna kin ƙare wa jikinta kallo, kin zaɓi wuraren da ba su yi miki ba. Kuma kada ki ɗauka ba za ta lura ba, domin ba wanda ya san jikin mutum kamar mai shi. Ko wasu ma za su iya ganewa. Abin da ake matse jiki da shi, irin su Liquify a Photoshop ko makamancinsa a Facetune, ba ya cire tsoka, yana jan ɗigogin hoton ne daga wani wuri zuwa wani, don haka duk abin da ke kusa da damtsen sai ya biyo shi. Shi ya sa ake ganin bakin ƙofa ya lanƙwashe a daidai ƙugun mutum, ko layin bango ya yi ciki, ko zanen atamfa ya miƙe a gefe ɗaya, ko hannun wadda ke tsaye kusa ya ƙara faɗi. Idan wani ya hango wannan ya yi magana a ƙasan hoton, ita za a yi wa dariya a ce ta gyara jikinta, alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ko a wurin waɗanda hoto ne sana'arsu. A watan Nuwamba na 2017, 'yar wasan fim Lupita Nyong'o ta fito fili ta nuna ɓacin ranta bayan mujallar Grazia ta Birtaniya ta buga hotonta a bango an goge wani ɓangare na gashinta an kuma kwantar da sauran, ta ce ba a tuntuɓe ta ba, kuma daga baya mai ɗaukar hoton ya nemi afuwa. Ta yarda a ɗauke ta, ta yarda a buga, amma ba ta yarda a sauya mata gashi ba. Tun daga 1 ga Oktoba na 2017, dokar Faransa ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi matuƙar an rage ko an ƙara wa jikin mai tallar kauri, Norway ma ta fara aiki da irin wannan doka a 2022. Dokokin nan tallace-tallace suka shafa, ba hoton ƙawaye ba, na kawo su ne don ki ga cewa an ware sauya siffar jiki daga sauran gyare-gyare.

Yanzu ga abin da nake ba ki shawara ki yi, kuma tsarin yana da muhimmanci. Kada ki tura mata hoton da kika gyara kina tambaya ko ya yi mata, kada kuma ki ce mata ko tana so a rage mata damtse. Wannan tambayar kanta tana ciwo, domin ta riga ta faɗa mata abin da kike gani a jikinta, kuma mutane da yawa za su ce to don kunya, su tafi da abin a zuciya. Ki koma kan asalin hoton, ki gyara haske da launi kawai, gyaran da ya shafi hoton gaba ɗaya. Sai ki tura wa kowace daga cikin ukun ita kaɗai, ba a zauren da kuke tare ba, inda idan biyu suka ce ya yi, ta ukun za ta ji nauyin musawa. Ki rubuta musu magana iri ɗaya, kamar haka: "Ga hoton da nake son ɗorawa, haske kawai na daidaita. Idan akwai abin da kike so a taɓa a wajenki, ko kuma ba ki so a ɗora, ki faɗa mini." Da wannan kin bar wa kowace zaɓi ba tare da kin nuna wa kowa yatsa ba.

Idan ta ce a bar shi haka, magana ta ƙare, ko da ke kina ganin da an taɓa da ya fi. Idan ta ce ki goge mata ƙurjin da ke haɓarta, ki goge ƙurjin kaɗai, domin izinin ƙurji bai haɗa da tawadar Allah ba. Bayan kin gama ki sake tura mata kafin ki ɗora, tunda abin da ta gani da idonta shi ne kawai ta amince da shi. Idan ta yi shiru, ki jira, shiru ba yarda ba ce a nan. Idan kuma ita da kanta ta nemi a rage mata jiki, jikinta ne, kina iya yi mata, amma ki duba cewa jan bai shafi wadda ke gefenta ba. Wannan ya shafe ki ke ma idan naki jikin kike gyarawa a hoton da ba ke kaɗai ba ce a ciki.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: wayoyi da dama suna gyara fuska da kansu tun lokacin ɗauka, suna sumulce fata, wasu har su ƙara girman ido ko su tsuke haɓa. Kamfanin Google ya sanar a watan Oktoba na 2020 cewa wannan gyara zai riƙa zuwa a kashe a sababbin wayoyinsa na Pixel, amma a wasu wayoyin a kunne yake zuwa. Ki leƙa saitin kyamararki, ki nemi wurin da aka rubuta Beauty ko Face retouching, ki kashe shi duk lokacin da za ki ɗauki wani.

A ƙarshe, ki duba ko wancan hoton da kika gyara ya riga ya fita daga hannunki. Idan kin tura wa ɗaya daga cikin sauran biyun, ko kin sa shi a status ko da na ɗan lokaci ne, ki ɗauka cewa wani ya adana shi, domin gogewa daga shafinki ba ta goge abin da ke wayoyin mutane. A wannan hali ki riga kowa faɗa mata, ki gaya mata abubuwan da kika sauya ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin fake da kyakkyawar niyya ba, ki roƙi waɗanda suka samu su goge, sannan ki bar mata ta zaɓi ko a ɗora na asalin ko a bar maganar hoton baki ɗaya. Idan kuwa bai fita ba, ki goge shi daga wayarki da kuma inda wayar take adana kwafin hotuna a intanet, don kada wata rana ki tura shi bisa kuskure.