Baffa ya biya wani kaso na bashi, na ce "ba komai": shin na yafe ragowar ke nan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Bara kafin faɗuwar damina na sayar wa ƙanin mahaifina san huɗa a kan naira 700,000, bashi zuwa kaka. Wata Alhamis a kasuwar Maigatari ya tura mini 300,000 ta wurin mai POS. Da aka yi girbi ya aiko da buhu uku na gero, ba mu yi maganar kuɗinsu ba, kuma tuni mun cinye. Da na je gaishe shi ya ce "ka yi haƙuri da wannan", na ce "ba komai Baffa, Allah ya sa albarka". Yanzu ɗansa yana cewa na yafe ragowar, wani malami a garinmu ma ya ce wanda ya karɓi wani kaso ya yi shiru ya yafe, kuma ambaton ragowar ƙuntata wa mai bashi ne. Ni ban yi nufin yafewa ba, kunya ce ta hana ni magana. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ragowar kuɗinka yana nan a wuyan Baffanka, bai faɗi ba. Amma kai ma kana da laifinka a wannan rikici, kuma da shi zan fara, domin na ga tambayarka ta karkata ga abin da ake bin ka da shi na magana, ta bar abin da ya wajaba a kanka.

Wanda aka biya wani kaso na bashinsa, dole ne ya amsa cewa ya karɓa, ya faɗi adadin, ba sai an matsa masa ba. Wannan babu saɓani a kai. Kada ka dogara da 'yar takardar mai POS, rubutunta gogewa yake cikin 'yan watanni, sau da yawa ma sunan mai shagon ne zai fito a alat ɗinka ba na Baffa ba, kuma babu inda ta ce kuɗin sa ne. Da yau Allah zai karɓi ranka, 'ya'yanka su ce 700,000 suke bi, da me Baffa zai kare kansa?

Sai kalmar "ba komai". Hukuncinta yana rataye da maganar da ta gabace ta. Da Baffa cewa ya yi "ka yafe mini abin da ya rage", ka ce "ba komai", to ka yafe, babu komawa, ko da ka kwana kana cizon yatsa. Amma abin da ka naƙalto shi ne "ka yi haƙuri da wannan", kuma duk Bahaushe ya san wannan magana baki biyu gare ta: tana ɗaukar "ka riƙe wannan kafin sauran ya zo", tana kuma ɗaukar "iyakar abin da zan iya ke nan". Bashin ya tabbata da yaƙini, ba a kayar da shi da magana mai baki biyu. A gaban alƙali, wanda ya ce an yafe shi zai kawo shaidu, in babu, ka rantse ba ka yi nufin yafewa ba. Tsakaninka da Allah kuwa kai ka san abin da ke zuciyarka a lokacin. Ka ce kunya ce, na ɗauke ka a kan maganarka. Idan kuwa ka san a ranar ka yafe har zuci, daga baya tsadar taki ta tuna maka, ka ji tsoron Allah ka bar shi.

Maganar malamin garinku ita ce zan ɗan tsaya a kanta, domin ba daga gare shi na fara jin ta ba, kuma tana raba zumunci da sunan gyara shi. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce ayar Suratul Baƙara ta 280, wadda ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. To ai ayar ce ke rusa musu magana. Ta ambaci saurarawa, sannan ta ambaci yin sadaka da bashin daban, ta ce shi ya fi alheri. Abu biyu ne, na farko wajibi ne ga wanda ya tabbata matalauci, na biyu ganin dama ne. In da shiru da jira yafiya ne, da babu ma'anar raba su. Wanda ya jira Baffansa ya bi umarnin farko, ba a ce ya shiga na biyu ba sai ya faɗa da bakinsa. Shi ya sa malaman fiƙihu suka kafa ƙa'ida cewa ba a jingina wa mai shiru magana, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Abin da kunya ta ƙwace ba daɗin rai ba ne.

Duba kuma abin da ya faru tsakanin Ka'abu ɗan Malik da Ibnu Abi Hadrad, Allah ya yarda da su, a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sun ɗaga murya a masallaci a kan bashi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya leƙo daga ɗakinsa ya yi wa Ka'abu nuni da ya sauke rabi. Ka'abu ya ce ya yi, sannan aka ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ka lura, an faɗi adadin da aka sauke, mai haƙƙi ya furta yardarsa, aka kuma bayyana cewa ragowar yana nan a biya. Wurin rangwame ne da tausayi, amma ba a bar komai a dunƙule ba.

Cewa kuma faɗin ragowar ƙuntatawa ne, an cakuɗa faɗi da nema. Ka tsaya ƙofar gidan wanda ka san ba shi da shi kana cewa sai ya biya yau, wannan shi ne abin da aka hana. Ka ce "Baffa, saura kaza, duk sanda Allah ya hore", wannan babu cutarwa a ciki, taimako ne ma gare shi. Dattijo ne, kuma ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa. Idan ya rasu yana zaton an yafe, kai kana ganin ba ka yafe ba, za a raba gadonsa da haƙƙinka a ciki, alhali bashi yana gaban gado. Wa aka yi wa gata a nan? Na sha zama rabon gado inda rigimar duka ba ta wuce wani "ba komai" da aka faɗa a zaure shekaru da suka wuce ba, masu maganar kuma duk suna ƙasa.

Geron nan shi ya fi damuna, ko da yake kai ba ka tambaye ni a kansa ba. Ba za ka ɗauke shi kyauta ba, domin a mazhabar Imamu Malik kyautar wanda kake bi bashi ba ta halatta, sai in dama can kun saba irinta kafin bashin, ko wani sabon dalili ya taso kamar biki. Dole ya shiga lissafi. Karɓarsa a madadin kuɗin san huɗa ya halatta. Da hatsi ka sayar masa bashi, da ban ce ka karɓi gero a madadin kuɗinsa ba, domin Malik ya hana hakan, ya zama abinci da abinci da jinkiri. Kuskuren shi ne rashin yanka masa kuɗi a ranar. A ce buhu yana 50,000 a kaka, yanzu ya kai 70,000. A lissafin farko an biya ka 450,000, saura 250,000. A na biyu an biya ka 510,000, saura 190,000. Ka ga 60,000 tana lilo a tsakani saboda kalma ɗaya da ba a faɗa ba.

Idan al'adar garinku ta tabbata cewa hatsin da aka kawo a kan bashi ana lissafa shi a farashin kasuwar makon, kuma ku duka haka kuka fahimta, to farashin kaka za a bi. Hadisin Ibnu Umar a kan karɓar dirhami a madadin dinari yana ƙarfafa haka, domin farashin ranar aka sharɗanta. Amma ka sani akwai malaman da za su ce ciniki ba ya ƙulluwa babu ambaton kuɗi, don haka buhu uku ne a kanka, kai kuma kana bin 400,000, wanda a yau ya fi kusa da lissafi na biyu, wanda ya fi wa Baffa sauƙi. Tunda maganar tana da fuska biyu, shawarata ku yi sulhu a kan adadi ɗaya a zama ɗaya. Da ni ne zan bar masa lissafin 70,000, in faɗa da bakina cewa na bari. Ubanka ne, kuma 60,000 ba ta kai zumunci ba.

Ka je wurinsa kai kaɗai tukuna, bayan la'asar ko da dare, ba a majalisa ba, kuma kada ka bi ta hannun ɗansa. Ka fara da abin da ka karɓa kafin abin da ya rage, wannan tsarin yana sanyaya zuciya: "Baffa, ina so in sauke nauyi, na karɓi kaza ranar kaza, na karɓi gero buhu uku." In kun daidaita, ku kira mutum biyu adilai, a rubuta da boko ko da ajami, kamar haka: "Ni wane na shaida na karɓi naira 300,000 da gero buhu uku a kan naira 210,000 daga hannun Baffana wane, cikin kuɗin sa naira 700,000. Abin da ya rage naira 190,000 ne, ban yafe ba, kuma na saurara masa zuwa girbin riɗi." A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya riƙe kwafi. Idan Baffa zai ji takarda ta yi masa nauyi, a ɗauki maganar a waya da muryarku ku biyu a tura wa shaidun. Duk biyan da ya sake yi a ƙara shi a bayan takardar nan tare da sabon ragowar, kada a buɗe wata. Abin da ya shigo hannunka shi za ka rubuta, ladan mai POS ba ya cikin bashin. Ranar da ya kammala, takardarka tasa ce, ya karɓe ko a yage a gabansa, haka Shaihu Halilu ya faɗa a Muhtasar.

Kada ka ƙara ko kwabo a kan ragowar don an jinkirta ko don shanu sun yi tsada, riba ce. Kuma ka sanar da iyalinka adadin da ya rage yadda yake a takarda, ka hana su maganar a gidajen biki. Idan bayan wannan duka zuciyarka ta natsu ka yafe, ka koma gaban shaidun nan biyu ka ce "na yafe 190,000", a rubuta a ƙasan takardar.

Allah ne mafi sani.