Ƙodata ta yi rauni, in ƙara maganin ciwon baya?

Tambaya: Malam, likita ya ce ƙodata ta yi rauni. Ya rubuta min tiramadol sau biyu a yini saboda ciwon baya, alhali maƙwabcina sau huɗu aka rubuta masa. Ga noma ya kankama, kuma ba ya isa ta. In ƙara?

Amsa: Kada ka ƙara, ɗan'uwa. Duk maganin da ya shiga jiki sai ya fita. Hanta ce ke sarrafa yawancinsa, ƙoda kuma ta tace shi ya bi fitsari. Ka san fangalin da magudanarsa ta toshe: ruwan safe bai tsane ba ka sake kwararo wani, sai shuka ta ruɓe. Haka magani ke taruwa a jinin mai raunin ƙoda, na ɗazu bai fita ba na yanzu ya tarar da shi.

Duba takardar gwajinka, akwai wurin da aka rubuta eGFR, wato ƙarfin tacewar ƙoda. Na matashi mai lafiya kan kai 90 ko fiye. Shi likita zai iya ba shi tiramadol duk bayan awa shida, kada dai ya wuce miligiram 400 a yini. Amma idan lambar ta yi ƙasa da 30, sai bayan awa 12, kuma iyakarsa miligiram 200 a yini. Wanda hantarsa ta ƙandare ma ya fi ka takura, miligiram 50 kawai duk bayan awa 12. In ya taru, alamarsa barci mai nauyi da rana, jiri, amai, ruɗewa, numfashi a hankali, wani har jijjiga. Wanda aka ga haka a jikinsa a kai shi asibiti nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin da ake saya a kemis ko wajen masu talla a kasuwa. Sau da yawa akwai dikulofenak ko aibufurofen a ciki. Su waɗannan a wurinka ba ragewa ake yi ba, bari ake yi, domin suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Manomin da ya yini yana gumi a rana, bai sha ruwa sosai ba, ya dawo ya haɗiya, ya haɗa wa ƙodarsa duka biyu. Mutanen Gashuwa da kewaye, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a, su kula da wannan sosai.

Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, amma hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Mai lafiya ba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini. Mai tsohon ciwon hanta galibi a huɗu ake tsayar da shi.

Koma wurin likitanka da duk abin da kake sha, har jiƙo, ka ce masa ciwon bai lafa ba. Ka tambaye shi kuma yawan ruwan da za ka sha a gona, musamman in ƙafafunka na kumbura.