EPS 200 a rahoto, farashi naira 16: araha ce?

Tambaya: "Yaya, ina wuni. Na buɗe rahoton shekara na wani kamfani, na ga an rubuta EPS 200, hannun jarinsa kuma naira 16 ake sayarwa. Wata ƙawata ta ce P/E ɗinsa ya yi ƙasa, in yi sauri in saya. Don Allah yaya ake wannan lissafin?"

Amsa (an rubuto daga saƙon murya):

Lafiya lau ƙanwata, ya gida, ya yara? To, kafin komai, koma shafin nan ki duba kan layin da kyau. Kamfanoni da yawa a Najeriya da kwabo suke rubuta wannan adadi. Ɗari biyun nan kwabo ne, wato naira 2. Kin ga kamfanin da ake sayar da hannun jarinsa naira 16 ai da wuya ya samo wa kowane hannu naira 200 a shekara.

EPS ɗin nan ribar da ta faɗo wa kowane hannun jari guda ce. Bari in ƙaddara miki da nawa adadin, tunda rahoton ba ya gabana. A ce kamfanin ya ci ribar naira biliyan 6 bayan an cire haraji, hannayen jarinsa duka kuma biliyan 3 ne. Shida a raba uku, naira 2. Za ki same shi can ƙasan shafin riba da asara, inda aka rubuta Basic earnings per share. In akwai jeri biyu, Group da Company, ki ɗauki na Group, don shi ne ya haɗa da ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashinsa. Kuma ki sani, wannan naira 2 ba ita za ta shigo asusunki ba. Abin da ake rabawa daban ne, suna iya ba ki kwabo 80 su riƙe sauran a cikin kasuwancin.

P/E kuwa farashi ne a raba da EPS. Naira 16 a raba 2, takwas. Kamar ki sayi adaidaita sahu ki ba direba ne, ki ce a shekara nawa balas zai mayar min da kuɗina? Nan shekara takwas ke nan, in ribar ta tsaya yadda take.

To a kan wannan "in" ɗin nake so ki tsaya, don wallahi nan na ga mutane da yawa sun yi asarar kuɗin guminsu. Ki tambayi kanki, biliyan shidan nan daga ina ta fito? Ki nemi layin Other income, akwai lambar bayani a gefensa, ki bi ta zuwa shafukan baya. A ce kin tarar biliyan 2.4 daga sayar da wani fili ne ko sito. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, baɗi babu. Ki cire, saura biliyan 3.6, ban sa lissafin haraji ba don kar ya rikita mu. A raba da biliyan 3, naira 1 da kwabo 20. Yanzu 16 a raba 1.20, ya haura 13. Takwas ɗin da ƙawarki ta gani ya tafi.

Wannan ya faru a zahiri. A watan Yunin 2023 da aka saki naira ta faɗi, bankunan da ke riƙe da dala sun rubuta riba mai yawan gaske, alhali darajar dalar ce kawai ta tashi a takarda. Har Babban Bankin Najeriya ya hana su raba wa masu hannun jari irin wannan riba. Wanda ya kalli P/E kaɗai a lokacin zai ga kamar kyauta ake bayarwa.

Sai yawan hannayen jarin. In kamfanin nan ya fitar da sabbi biliyan 1 kusa da ƙarshen shekara, rahoton ba zai ƙirga su duka ba, matsakaicin shekara yake ɗauka. Amma baɗi mutum huɗu ne za su ci tuwon mutum uku. Biliyan 3.6 a raba 4, kwabo 90, P/E ya kusa 18, sai fa in sabon kuɗin da suka karɓa ya haifar da ƙarin riba.

Abin da zan ce ki yi yau, buɗe shafin da ke kusa da ƙarshe, Five-year financial summary. EPS na shekara biyar na jere a nan. In kin ga yana hawa a hankali, takwas ɗin na iya zama araha da gaske, musamman in kin gwada shi da kamfanin da ke irin sana'arsa, siminti da siminti, sukari da sukari. In kuma shekara huɗu yana wajen naira ɗaya sai bana ya yi tsalle, ki dakata. Ɗauko hoton wannan shafin da na Other income ki turo nan, mu duba tare bayan isha'i in sha Allahu.