Me ke hana mutane taimako in an taru da yawa?

"Jiya a bakin kasuwa wani mutum ya yanke jiki ya faɗi, mutane fal, amma kowa ya tsaya kallo. Rashin imani ne ko me?"

Ɗan'uwa, ba lallai rashin imani ba ne. A 1968 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun gwada wannan. Suka sa ɗalibi a ɗaki shi kaɗai yana magana da wasu ta na'ura, can sai ya ji ɗayansu kamar farfaɗiya ta kama shi. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai suka ji, kashi 85 cikin ɗari sun fita neman taimako tun abin bai lafa ba. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji kuwa, kashi 31 kacal.

Nauyin ne ke rarrabuwa. Kowa na cewa ai wani zai yi, ko ma an riga an yi. Ga kuma kallon fuska: ka dubi na kusa da kai ka gan shi shiru, sai ka ce ashe abin bai kai haka ba, alhali shi ma fuskarka yake karantawa. Mu nan har da tsoron kada a riƙe ka a matsayin shaida.

In ka sake gamuwa da irin haka, kada ka ce "jama'a a taimaka". Nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar hula, tsayar mana da adaidaita sahu." Da wuya ya ƙi, tunda yanzu aikin nasa ne shi kaɗai.