Famfon feshi na zubo ruwa ta sandar famfo

“Ga hoton famfona na goyo mai lita 16, ruwa na zubowa daga inda sandar ke shiga, wace roba zan saya?”

Malam hoton bai isa ba, waɗannan famfunan 'yan Chana kamarsu ɗaya a waje, amma robarsu ta ciki ta bambanta. Zubar da ka ce yawanci robar da ke ƙarƙashin murfin sandar ce ta cinye, in kuma kana bugawa iska ba ta tsayawa to robar fistin ce. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita babbar kasuwar Maraɗi a gwada faɗinta da sabuwa, kar ka saya da ido wallahi ni na taɓa asara haka. Kafin ka maida ka shafa mata ɗan man gyaɗa.