Kiran sulhu ba tare da nuna ɓangare ba

Tambaya: "An sa ni sasanta maƙwabta biyu kan iyakar gona. Yaya zan rubuta takardar gayyata?"

Malam, rubuta takarda iri ɗaya, ka aika musu rana ɗaya ta hannun wanda ba dangin kowa ba. Kada ka sa "mai ƙara" ko "wanda ake ƙara", wannan maganar kotu ce. Ka ce: "Assalamu alaikum. Ana gayyatar ku zama kan batun iyakar gonar da ke tsakaninku, ranar Asabar bayan La'asar, a zauren Mai Unguwa. Kowa zai faɗi nasa, kuma yana iya zuwa da mutum biyu."

Ka guji "gonar wane" ko "cin iyaka", domin ka riga ka yanke hukunci ke nan. In Mai Unguwa surukin ɗayansu ne, ku koma harabar masallaci.