Vent, vont, vin: yadda za ka raba wasulan hanci na Faransanci

Tambaya: Malam, jarrabawar baka ta DELF, wato ta shaidar iya Faransanci, ta matso, kuma malamarmu ta ce vent, vont da vin duk abu ɗaya take ji a bakina. Wani ya ce in riƙa danna n ɗin da ƙarfi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, amma ka yi watsi da shawarar nan. Kullum sai na gamu da ɗaliban da aka ɓata wa baki da ita, abin yana ci mini rai. A cikin vent ko bon babu baƙin n da ake furtawa. Harafin alama ce kawai cewa iskar wasalin za ta fita ta baki da hanci lokaci guda. Mu Hausawa tarkon ya fi kama mu, domin idan muka ce "nan" ko "can", bayan harshe yana tashi ya rufe hanyar baki a ƙarshe. Shi muke kwasowa mu liƙa wa bon. In kuwa ka danna n da kan harshe, ka mayar da bon ya zama bonne, Jean ya zama Jeanne, wato namiji ya koma mace. Wanda ya koya maka haka bai saurari harshen ba, rubutu kawai ya kalla.

Ga gwaji. Ja wasalin bon, kana cikin ja sai ka toshe hanci da yatsu. Idan sautin ya canja amma ya ci gaba, ka yi daidai. Idan ya yanke ɗif, harshenka ya rufe hanya.

Bayan haka aikin na leɓe ne, don haka ɗauki madubi. A vin, leɓe a shimfiɗe kamar mai murmushi, harshe a gaba. A vent, baki a buɗe sosai, harshe ya ja baya, kada leɓe ya tsuke. A vont, leɓe a dunƙule, ƙofar ƙarama. Rikicin ya fi yawa tsakanin wasalin vent da na vont, nan za ka daɗe: banc da bon, lent da long, sans da son. Fara daga wasalin baki ka zarce, beau zuwa bon, paix zuwa pain, ba tare da harshe ya motsa ba. Minti 10 a rana ya isa. Naɗi muryarka a waya, ka hargitsa jerin, ka ba wani ya rubuta abin da ya ji.

Wasalin hanci na huɗu, na brun, shi ne na brin da leɓe a dunƙule. Mafi yawan mutanen Paris sun haɗe su, a kudancin Faransa da Quebec ana rabawa. Bar shi a ƙarshe. Sai ka kula, a un ami n yana fitowa, saboda wasali ya biyo shi.